Jadawalin hutun shekara a ƙaramin asibiti: ta ina zan fara?

Assalamu alaikum Malam. Ni ce admin a wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan Kano. Muna da nas 13, biyar daga cikinsu ungozoma ne, lab mutum 3, famasi 3, sai ɗakin kati da kashiya mutum 4, kuma kowa yana da hutun sati 4 a shekara. A Satumbar da ta wuce nas huɗu suka tafi hutu lokaci guda, ga wod cike da yara har a benci ake ƙarin ruwa, sai da metiron da kanta ta yi sati biyu tana kwana. Yanzu mai asibiti ya ce in kawo masa jadawalin hutun baɗi kafin Disamba, kuma kar ya sake ganin irin wannan. Ga shi kowa Sallah yake so ko Disamba. Don Allah ta ina zan fara?

'Yar'uwarku daga Kano

Wa alaikumus salam Hajiya admin, sannu da fama.

Abu na farko dai kar ki raba fom tukuna. In kika ce yau kowa ya rubuto watan da yake so, kin riga kin san abin da zai dawo miki, kuma daga nan kin shiga ciniki da mutum ashirin da wani abu ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa, kuma duk uzurin gaskiya ne. Ki ajiye sunayen mutane a gefe, ki zauna da metiron da biro da takarda ku fitar da lamba ɗaya tak ga kowane sashe: mutum nawa ne za su iya kasancewa a hutu a sati ɗaya ba tare da aiki ya tsaya ba. Wannan lambar ita ce jadawalin, sauran duk cike gurbi ne.

Bari mu yi na nas tare, tunda nan ne wutar ta kama. Zan ɗauka shif uku kuke yi, safe da yamma da dare, kuma a watan da babu cunkoso metiron ta ce mafi ƙarancin da za ta iya riƙe wod da ɗakin haihuwa da shi shi ne mutum 3 da safe, 2 da yamma, 2 da dare. In naku ba haka ba ne sai ki sa lambobinku, hanyar dai ɗaya ce. Kinga diyuti 7 kenan a rana. To a nan mutane da yawa suke zamewa, sai ka ji an ce ai mutum bakwai muke buƙata, muna da sha uku, ashe shida ma za su iya tafiya hutu. A'a. Asibiti ba ya rufewa Asabar da Lahadi, amma nas tana da ranakun of ɗinta. Diyuti 7 sau kwana 7, diyuti 49 kenan a sati, kowace nas kuma 5 take yi a sati, in kin raba 49 gida 5 zai ba ki 9.8, kuma babu rabin mutum, don haka mutum 10 ne dole su kasance a kan rosta kowane sati. Saura 3. A cikin ukun nan ma ki cire ɗaya ki ajiye, kar ki taɓa ta, ita ce ta rashin lafiya da rasuwa da ɗana ya kwana da zazzaɓi, domin a cikin mutum sha uku da wuya a yi sati cur ba a samu wadda wani abu ya tsare ba. Abin da ya rage 2. Wato a watan da babu cunkoso nas biyu ne kawai za su iya zama a hutu a lokaci guda.

Yanzu a sake lissafin don lokacin maleriya. A ce metiron ta ƙara mutum ɗaya kacal a shif ɗin yamma, saboda galibi da yamma zuwa bayan magariba ake shigo da yaran da suka wuni da zafin jiki a gida sai da jijjiga ta fara aka taho a guje. Diyuti ya koma 8 a rana, 56 a sati, a raba 5 ya ba da 11.2, mutum 12 kenan. Ki ɗora ɗayar nan ta ko-ta-kwana, 13 cif. Babu gurbin hutu ko ɗaya. Kin ga ƙarin mutum ɗaya a shif ɗaya ya cinye gurbi biyu gaba ɗaya, shi ya sa nake cewa a yi lissafin a rubuce, ido ba ya ganin wannan.

Waɗanne watanni ne na cunkoson kuwa, kar ki ɗauka daga bakina ko daga bakin mai asibiti, ki ɗauko rajistar kwantar da marasa lafiya ta shekara biyu ko uku da suka wuce ki ƙirga wata-wata, aikin yamma ɗaya ne. A yawancin asibitocin yankinmu za ki ga layin ya fara hawa a ƙarshen Yuli, ya kai ƙololuwa tsakanin Agusta da Oktoba, don sauro yana biyo ruwa ne a baya, ruwan ya ɗauke ma zazzaɓin bai sauka ba sai an ɗan jima. Shi ya sa rabon maganin rigakafin maleriya na yara da ake bi gida-gida ake yin sa a watannin damina. Amma ki duba Maris zuwa Mayu ma, lokacin zafi, akwai ƙyanda da sanƙarau, wani asibitin yana jin su sosai wani kuma ba ya ji, ya danganta da unguwar da kuke da irin mutanen da ke zuwar muku. Ni zan ci gaba da lissafin a kan cewa wata uku ne, Agusta da Satumba da Oktoba, sati 13.

To ga inda maganar take, kuma in ba ki riƙe komai a amsar nan ba ki riƙe wannan. Nas 13 kowacce sati 4, bashin hutu na sati 52 kenan a kanki a shekara. Ina za ki zuba shi? Daga Janairu zuwa ƙarshen Yuli sati 30 ne, gurbi biyu-biyu, 60 kenan. Nuwamba da Disamba kusan sati 9, gurbi 18. Jimla 78. Mutum zai ga 78 da 52 ya ce ai akwai wuri har da ragowa, kuma da gaske akwai, amma sai in an fara amfani da shi tun satin farko na Janairu. Gurbin hutu kamar ɗanyen tumatir yake, ba ya ajiyuwa, satin da ya wuce babu kowa a hutu gurbi biyu sun tafi kenan har abada. A ce Janairu da Fabrairu da Maris sun wuce ba wanda ya tafi, kamar yadda aka saba don kowa yana ɓoye hutunsa sai gaba, kin yi asarar gurbi 26, 78 ta koma 52, daidai da bashin da ke kanki, ko sati ɗaya babu na numfashi. In Afrilu ma ta bi su to lissafin ya riga ya karye, dole wasu su faɗa cikin watannin maleriya ko da kuwa kin rantse ba za ki sa hannu ba, domin haƙƙinsu ne kuma shekara na ƙarewa. Ina kyautata zaton in kika buɗe fayil ɗin bana za ki tarar daga Janairu zuwa Maris kusan ba wanda ya je hutu. Abin da ya same ku a Satumba tun a lokacin aka haɗa shi, ba ranar da aka sa hannu a takardun mutum huɗun nan ba.

Saboda haka aikinki na gaske ba hana hutu a Satumba ba ne, wannan layi ɗaya ne a takarda, aikin shi ne tura mutane hutu a farkon shekara alhali ba su nema ba. Ki rubuta wa kanki ma'auni biyu ki manna a jikin tebur. Tunda bayan Oktoba gurbi 18 ne kawai ya rage, to kafin 31 ga Yuli lallai a ce an ci aƙalla sati 34 daga cikin 52, ni ma da 40 zan sa don a samu sarari. A ƙarshen Maris kuma a ce an ci kamar 16 ko fiye. Ranar 1 ga Afrilu ki ƙirga, in kin ga 5 ko 6 to ƙararrawa ce, a lokacin za ki tashi tsaye ba sai Agusta ba.

Ya za a yi mutum ya yarda ya tafi hutu a Fabrairu? Abu mafi sauƙi shi ne a raba hutun gida biyu, sati biyu-biyu. Sati biyu mutum ya zaɓa da kansa a cikin guraben da ke buɗe, sauran sati biyun kuma dole su faɗo tsakanin Janairu da Yuli. Mutane sun fi karɓar wannan a kan a ce musu ga watanka kawai. Ƙananan gutsure kuma sun fi sauƙin jerawa a jadawali, sati huɗu a dunƙule in ya zauna a wuri sai ya toshe mutum biyu. Sai dai ki bar ƙofa ga mai tafiya mai nisa, wadda za ta je gida Inugu ko Binuwai, ko mai aure, ko mai Hajji, su a ba su a haɗe.

Sannan ki bincika maganar alawus ɗin hutu in kuna biya. A wurare da yawa sai mutum zai tafi hutu ake ba shi kuɗin, to sai ya zama ba hutun yake zaɓa ba, kuɗin yake saitawa, yana so su faɗo daidai kuɗin makarantar yara na Satumba ko ragon layya ko kayan Kirsimeti. Ki tambayi nas huɗun nan a hankali, ba da faɗa ba, me ya sa Satumba, kar ki yi mamaki in biyu suka ce miki kuɗin makaranta. In haka ne maganin ba ya cikin jadawali, yana wajen akanta: a raba alawus da hutu, kowa a ba shi nasa a wani tsayayyen wata, ko watan da aka ɗauke shi aiki, ya je hutu ko bai je ba. Mai asibiti ba ya asarar ko kwabo, kuɗin da zai biya ne dama, amma rububin zai ragu sosai.

Kalandar musulunci ma tana gefenki a 'yan shekarun nan. A 2019 Babbar Sallah a watan Agusta ta faɗo, tsakiyar maleriya, lokacin masu irin aikinki sun ji jiki. A 2025 kuwa an ɗauki azumi 1 ga Maris, aka yi layya 6 ga Yuni, kuma duk shekara abin yana ja baya da kwana 10 ko 11. Kinga yanzu azumi yana zaune ne daidai watannin da kike neman masu tafiya. Akwai mata da yawa da za su so goman ƙarshe a gida, ga girki ga ibada, akwai mai son Umara, to ki buɗe musu guraben azumi tun daga farkonsa, wadda ba ta samu goman ƙarshe ba a ba ta goman farko, ba za ta ƙi ba. Amma fa kar ki kwafi jadawalin bana ki manna wa baɗi, ki duba kalanda ki sake sa alamar Sallah duk shekara, kuma ki bar kwana ɗaya gaba ɗaya baya saboda ganin wata.

Yanzu rabon wuraren da kowa ke so. Gurbi biyu ne a satin Ƙaramar Sallah, biyu a Babba, biyu a ƙarshen Disamba, mutum shida kenan cikin sha uku za su samu wani abu a shekara. Kar ki yi wanda ya riga kawo takarda shi ya samu, domin masu kusa da ofis ɗinki ne za su riƙa cinyewa, 'yar dare tana gida tana barci aka raba. Kar kuma ki bi girma zalla, sabuwar nas sai ta shekara biyar ba ta yi Sallah a gida ba, a shekara ta biyu za ta kama gabanta. Juyi za a yi, a rubuce. Wadda ta samu Ƙaramar Sallah ba ta cikin Babba, wadda ta samu ɗaya bana tana ƙarshen layi baɗi. In kuna da Kiristoci a cikin ma'aikata, kuma da wuya asibitin kuɗi a Kano ya rasa, to abin ya zo da sauƙi, su riƙe Sallah a riƙe musu Disamba, dama yawanci suna yin haka a tsakaninsu, ke dai ki mai da shi rubutacce. Fom ɗin da za ki raba daga baya ya ƙunshi zaɓi na ɗaya da na biyu da na uku, da ranar rufe karɓa, wanda bai dawo da nasa ba ya ɗauki abin da ya rage. Kuma ki bambance hutun shekara da of ɗin ranar Sallah. Da yawa ba sati biyu suke so ba, so suke su je idi su ci tuwon Sallah da yaransu, wannan kuwa a rostar sati ake gyara shi, mai safe ta yi musanya da mai yamma, ba sai an ƙona gurbin hutu ba.

Akwai tarko ɗaya a cikin lissafin da muka yi, shi ne mun ƙirga kawuna kamar duk ɗaya suke. Ungozomominki biyar ne, kuma in kuna karɓar haihuwa kowane shif yana buƙatar aƙalla ɗaya, shif 21 kenan a sati, a raba 5 ya ba da 4.2. Wato ko ɗaya ce ta tafi hutu, huɗun da suka rage sai ɗayarsu ta yi diyuti shida a satin. Ana iya jure wannan. Amma biyu in suka tafi tare, uku za su ɗauki shif 21, kowacce kwana bakwai babu of, ko kuma a wayi gari mai naƙuda ta zo ƙarfe biyun dare babu ungozoma a gidan. Jadawalin zai nuna miki mutum biyu ne a hutu, komai daidai, alhali ɗakin haihuwa ya mutu. Don haka a cikin gurbi biyun nan ɗaya ne kawai ungozoma za ta iya shiga. Su biyar sati huɗu-huɗu, sati 20 kenan a jere ba tare da sun haɗu ba, cikin sati 39 da ke buɗe, zai shiga amma su za ki fara jerawa kafin kowa. Haka metiron da mataimakiyarta, ba sa fita tare.

Ƙananan sassan ba sa buƙatar dogon lissafi, dokarsu ɗaya ce, mutum ɗaya a lokaci guda, kuma ba wanda zai tafi hutu a watannin maleriya, musamman lab, don a lokacin gwajin maleriya da na yawan jini da haɗa jinin ƙari ba sa tsayawa. Mutum 3 sati 12 ne, wuri ya ishe su. Abin dubawa a nan shi ne wa ya iya me. In mutum ɗaya ne a lab yake haɗa jini, ko mutum ɗaya ne a famasi yake da makullin sito kuma shi ke odar magani, to kafin ya tafi a san wa zai riƙe, a yi odar wata guda tun yana nan. Ɗakin kati da kashiya kuwa ki koya wa mutum ɗaya na kati riƙe kuɗi, ɗaya na kashiya ciro fayil, shikenan sun zama sashe ɗaya mai mutum huɗu. Sai dai ki kula da ƙarshen wata in su ke haɗa takardun inshora.

Sai abubuwan da ba hutun shekara ba ne amma suna cin mutum. Hajji ana sanin sa da wuri tunda ana biyan kuɗin kujera watanni kafin tafiya, ki ce duk mai niyya ya faɗa tun yanzu, ki ba shi sati huɗunsa a haɗe ki ƙara lissafa sati ɗaya ko biyu a kai, don jirgin dawowa ba a hannunsa yake ba. Takaba wata huɗu da kwana goma ce kuma ba ta sallama, in ta faɗo sai dai a rufe gurbi ɗaya a zauna da masu hutun lokacin a sake jeri. Haihuwa ita ce wadda za ki iya shiryawa. A ce a watan Maris wata nas ta faɗa miki za ta haihu a Agusta. Dokar ƙwadago ta ba ta sati 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, in takardarku ta ba da fiye to fiye. Kinga a lokacin cunkoso kina da 12, buƙata 12, ta ko-ta-kwana ta tafi, duk wadda ta yi ciwon kai rosta ta ɓalle. Abin yi shi ne tun a Maris ɗin ki je wa mai asibiti da lamba a hannu: diyuti 5 a sati sau sati 12, diyuti 60 na lokum, wato nas ɗin haya ta wucin gadi, ki ninka da abin da kuke biyan lokum a shif, ga kuɗin. Kuma ki kama lokum ɗin tun Yuni ki sa ta yi shif biyu ko uku ta san inda komai yake, don a Satumba kowane asibiti a garin nema yake, wadda za ki samu a lokacin ita ce wadda kowa ya bari.

Wajen rubuta jadawalin kuwa ba kya buƙatar wata manhaja ta kuɗi. A Excel ko Google Sheets, sunaye a jere ta hagu, satuttuka 52 a sama, ki sa iyakar kowane sati a layi na 2, wato 2 ko 0, duk satin da mutum ke hutu ki rubuta H a akwatinsa. In sunayen nas sun kama daga layi na 4 zuwa na 16, kuma satin farko yana ginshiƙin C, a ƙasansu a ginshiƙin C ki sa wannan ki ja shi ta dama har ƙarshe:

```
=C2-COUNTIF(C4:C16,"H")
```

Zai nuna miki gurbi nawa ya rage a satin. In ya nuna ƙasa da sifili an wuce iyaka, in kuma kika ga 2, 2, 2 a jere a Fabrairu to wannan ma matsala ce, irin wadda ba ta ihu. Ungozomomi ki jera su a sama wuri ɗaya ki yi musu nasu layin ƙirgan. In kin gama ki buga shi a manna a ɗakin nas, kowa ya ga na kowa. Jadawalin da ke ɓoye a kwamfutar admin shi ke haifar da ai wance 'yar gidan metiron ce. Musanya kuma ki bari a yi, amma ungozoma da ungozoma, nas da nas, a rubuce su biyun su sa hannu.

Wani ɗan abu da ke ɓata jadawali mai kyau shi ne ranar dawowa. A takarda wance za ta dawo Litinin, wance kuma ta fara nata hutun a Litinin ɗin. Sai ta farkon ta kira daren Lahadi, mota ta lalace a hanya ko an ɗaga ɗaurin aure, sai Laraba, ta biyun kuwa ta riga ta shiga mota. Kwana biyu kina da mutum uku a waje. Ki sa doka cewa mai fita ba ta fita sai mai dawowa ta sa hannu a rajista, ko ki bar kwana biyu tsakaninsu, mai dawowa Litinin mai fita Laraba. Kuma kar a jera wa mutum dare a satin da zai dawo, in bai iso ba ramin dare ya fi wuyar cikewa.

Duk wannan zai rushe in akwai ƙofa biyu. Kin san halin, an hana mutum a ofis ɗinki sai ya tare mai asibiti a bakin mota bayan la'asar, ranka ya daɗe ƙanwata ce za a aurar, shi kuma ya ce Allah ya sanya alheri, je ki. Shi bai ga jadawali ba, kunya ce ta kama shi. Tunda shi ya ce kar ya sake ganin irin na Satumba, to ranar da za ki kai masa takardar ki roƙe shi abu ɗaya, cikin ladabi: duk wanda ya same shi ya ce masa je ka wajen admin ta duba gurbi. Kin ma sauke masa nauyi ne, ba shi ya hana ba, takarda ce. Ya sa hannu a kan jadawalin da kansa, a karanta a mitin gaban kowa. Uzuri na gaske a watannin da aka rufe, aurenta ita kanta ko rashin lafiyar mahaifi, a ba da kwana uku zuwa biyar daga cikin hutunta, ɗayar nan ta ko-ta-kwana ai don haka aka ajiye ta, amma mutum ɗaya a lokaci guda.

Ta fuskar doka kuma, rufe wata uku ba laifi ba ne matuƙar kowa ya samu hutunsa a cikin shekarar. Sashe na 18 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya ce wanda ya yi wata 12 yana aiki yana da aƙalla kwana 6 na aiki a matsayin hutu da cikakken albashi, ana iya ɗaga shi in ɓangarorin biyu sun yarda amma kar a wuce wata 24, kuma ba a yarda a ba mutum kuɗi a madadin wannan hutun ba sai in aikin ne ya ƙare. Kwana shidan nan ƙasan ƙasa ne, ku abin da ya ɗaure ku shi ne sati huɗun da kuka rubuta wa mutane a takardar ɗaukar aiki. Don haka in mai asibiti ya ce a saye hutun kowa da kuɗi a huta da rigima, ki ce masa a'a, ko ba don doka ba nas ɗin da ta shekara ba ta huta ba ita za ta shiga watan maleriya a gajiye. Ki duba takardun nan ko an rubuta cewa lokacin hutu sai da amincewar asibiti, in babu a fitar da sanarwa a rubuce kowa ya sa hannu kafin Janairu.

Sannan kafin ki rufe lissafin ki ƙirga bashin bana. Duk wanda bai ci hutunsa na wannan shekarar ba, satuttukansa za su hau kan 52 ɗin nan, in sun kai 10 to bashinki 62 ne. Ki zuba abin da zai shiga a guraben Nuwamba da farkon Disamba tun yanzu, ragowar kuma a ce lallai a cinye shi kafin ƙarshen Maris, su ne ma za su fara cike miki guraben Janairu da ba mai so.